Idan Maƙala Ta Dawo Daga Hannun Masu Bita

Ƙannena likitoci, maza da mata, musamman ku da kuka kammala binciken neman ƙwarewa kuka mayar da shi maƙala kuka aika wa mujalla, da ku nake magana. Wata rana saƙon edita zai shigo, a samansa an rubuta major revision, a ƙarƙashinsa kuma sharhin mutum biyu ko uku da ba ku san sunansu ba, shafi huɗu ko biyar. Da yawanku kan ɗauka an kore su ne. Ba kora ba ce. Editan da ba ya son maƙala ba ya wahalar da kansa, layi uku yake rubutowa ya sallame ka. Wanda ya turo maka dogon sharhi ya ba ka wa'adi, cewa yake yi ƙofa a buɗe take, sai dai yana son ya ga abin da za ka yi da gyaran da aka ba ka. Abin da zai duba ya yanke hukunci shi ne wasiƙar amsa, kuma sau da yawa ita yake fara karantawa kafin ya sake buɗe maƙalar.

Kada ku amsa a ranar da saƙon ya zo. Ku karanta, ku rufe, ku koma ɗakin marasa lafiya. Bayan kwana biyu za ku ga cewa maganar da kuka ɗauka cin fuska ce, tambaya ce kawai da aka yi a gaggauce.

Tsarin wasiƙar ba shi da wuya, don haka ba zan daɗe a kansa ba. A sama, gajeriyar gaisuwa ga edita, da lambar maƙala, da jimla uku ko huɗu da ke faɗin manyan canje-canjen da aka yi. Daga nan sai a ɗauki mai bita na farko, a kwafo maganarsa ta farko yadda ya rubuta ta ba tare da an rage ko harafi ba, a sa mata lamba, a rubuta amsa a ƙarƙashinta. Kowace amsa tana da abu uku: matsayinku a kan maganar, abin da kuka canja, da inda canjin yake, wato shafi da layi. Idan jimlar da kuka sake gajera ce, ku kwafo ta cikin wasiƙar, domin mai bita yana yin wannan aiki ne kyauta, galibi da dare bayan ya tashi daga nasa asibitin, kuma ba zai ji daɗin farautar gyaranku cikin shafi ashirin ba. Wasiƙar da Turanci za ku rubuta ta, tunda shi ne harshen yawancin mujallun da muke aika wa, amma a nan da Hausa zan ba ku misalan, domin tunanin da ke ƙarƙashin amsar shi ne abin koyo.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Misalin koyarwa ne, ni na tsara alƙalumansa don bayani, amma irinsa ne ake gani a ɓangaren mata da haihuwa. A ce wata likita ta yi gwaji a kan mata 200 masu matsanancin hawan jinin juna biyu. Kowa ya san maganesiyam salfet ake ba su don hana jijjiga, kuma a asibitocinmu tsarin Pritchard aka fi bi: giram 4 ta jijiya da giram 10 a tsoka a karon farko, sannan giram 5 a tsoka duk bayan awa 4, har awa 24 bayan haihuwa. Allurar tana da zafi, kuma tana cin lokacin ma'aikatan jinya. Sai likitar ta tambaya ko awa 12 za ta wadatar, wato allurar ci gaba uku maimakon shida. Ta raba matan da ƙuri'a, 100 a kowane rukuni. A maƙalarta ta rubuta cewa mata 2 cikin 97 sun yi jijjiga a rukunin awa 12, mata 2 cikin 91 a rukunin awa 24, babu bambanci, saboda haka gajeren tsari daidai yake da dogo kuma ya kamata a koma masa.

Mai bita na farko ya buɗe da cewa: an raba mata 200, amma jadawali na biyu ya nuna 188. Ina sauran 12?

Amsar da matasa suka fi rubutawa a nan ita ce: "Mun gode da wannan muhimmiyar lura. An cire su ne saboda ba su bi tsarin bincike ba." Wannan amsa tana da ladabi a baki, amma ba ta amsa komai ba, kuma mai bita zai gane haka nan take. Shi ba dalilin cirewa kaɗai yake nema ba. Yana tuna maka ne da ƙa'idar da gwajin ƙuri'a ya tsayu a kanta, cewa duk wadda ƙuri'a ta jefa cikin rukuni a cikinsa za a lissafa ta, ko ta kammala maganin ko ba ta kammala ba. Dalili kuwa, ƙuri'a ce ta sa rukunonin biyu suka yi kama da juna. Da zarar mai bincike ya fara tsame mutane bayan ya ga abin da ya same su, kamannin ya rushe, domin waɗanda ake tsamewa ba haka kawai suke fita ba.

To, likitar tamu ta koma ɗakin ajiyar fayil. Mata 9 na rukunin awa 24 ne: bakwai sun ƙi ƙarasa allurar saboda zafi amma suna kwance har aka sallame su, biyu kuma 'yan uwansu sun sa hannu sun tafi da su gida. Mata 3 na rukunin awa 12 ne, kuma a nan matsalar take. Ɗaya daga cikinsu ta yi jijjiga a awa ta 15, bayan an tsayar mata da magani, aka mayar da ita kansa, sannan wanda ya shigar da bayanai ya sa ta cikin waɗanda suka saɓa tsari. Wato ainihin abin da binciken ke nema ya faru, an kuma share shi daga lissafi. Ba mugunta ba ce, rashin sani ne, amma sakamakonsa ɗaya.

Ga yadda amsar gaskiya za ta kasance: "Mai bita ya yi daidai. A rubutun farko mun cire mata 12 bayan rabon ƙuri'a, kuma hakan kuskure ne. Mun sake lissafi da dukkan mata 200, kowace a rukunin da ƙuri'a ta sa ta. Sakamakon mata 10 yana cikin fayilolinsu, biyun da suka bar asibiti kuma mun same su ta lambar wayar da suka bayar, sun tabbatar ba su yi jijjiga ba. Ɗaya daga cikin waɗanda muka cire a rukunin awa 12 ta yi jijjiga a awa ta 15. Sabon sakamako shi ne 3 cikin 100 a rukunin awa 12, da 2 cikin 100 a rukunin awa 24. Mun gyara jadawali na 2, da taƙaitaccen bayani, da shafi na 9, layi na 4 zuwa 13. Mun kuma ƙara zanen CONSORT a matsayin hoto na 1, mai nuna dalilin fitar kowace mace."

Ku lura babu dogon ban haƙuri a ciki, babu kuma kare kai. An faɗi kuskuren da sunansa, an faɗi matar da ta yi jijjiga tun kafin a tono ta. Wasu za su ce ai wannan tona wa kai asiri ne. Ni a ganina shi ne abin da ya fi saya wa maƙala mutunci, domin editan da ya ga ka fito da abin da ya rage wa sakamakonka ƙarfi zai yarda da sauran alƙalumanka. Zanen nan na CONSORT kuwa, wanda ke bin mahalarta tun daga tantancewa har zuwa lissafi, ba sabon abu ba ne. Tun 1996 aka fitar da ƙa'idar, aka sabunta ta a 2001 da 2010, sannan a 2025. Wanda ya cike ta kafin ya aika maƙala ya rage wa kansa rabin tambayoyin masu bita. Da a ce ba a sami matan nan biyu a waya ba, sai a faɗi haka, a nuna yadda sakamako zai kasance idan an ɗauka sun yi jijjiga da kuma idan an ɗauka ba su yi ba.

Magana ta biyu ta fi ta farko ciwo, domin ta taɓa kan maƙalar ne gaba ɗaya. Mai bita ya ce: rashin ganin bambanci ba shi ne hujjar cewa babu bambanci ba, ku kawo tazarar tabbaci. A nan ne nake so ku zauna ku fahimci lissafin da kanku, kada ku tura wa masanin ƙididdiga ku jira ya ba ku lamba ku liƙa. Bambancin 3 cikin 100 da 2 cikin 100 shi ne ɗaya cikin ɗari. Amma idan aka fitar da tazarar tabbaci ta kashi 95 ta hanyar Newcombe, wadda ta dace da irin waɗannan ƙananan adadi, za ta tashi daga kusan -4.4 zuwa 6.6 cikin ɗari. Ma'anarta a Hausa ita ce, binciken bai kore yiwuwar gajeren tsari ya fi dogo ba, bai kuma kore yiwuwar ya jawo ƙarin mata shida ko bakwai masu jijjiga a kowace ɗari ba. Babu likitan da zai sauya tsarin ɗakin haihuwarsa a kan irin wannan tazara.

Abin da ya jawo haka shi ne jijjiga ba ta da yawa idan an riga an ba da magani. Gwajin Magpie, wanda aka buga a mujallar The Lancet a 2002, sai da ya ɗauki mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33 kafin ya nuna cewa maganesiyam salfet ya rage jijjiga daga kusan kashi 1.9 zuwa kashi 0.8 cikin ɗari. Idan likitarmu tana son ta nuna cewa awa 12 ba ta gaza awa 24 da fiye da biyu cikin ɗari ba, alhali jijjiga na faruwa ga kusan biyu cikin ɗari, lissafin da aka saba yi zai nemi mata wajen 770 a kowane rukuni, fiye da 1,500 ke nan. Ita kuwa 200 gare ta.

Me za ta rubuta? Ba za ta iya ƙirƙiro mata 1,300 ba, kuma mai bita bai ce ta yi ba. Abin da ke hannunta shi ne ta rage da'awarta ta yi daidai da shaidarta: "Mun yarda. Ba a tsara wannan bincike don nuna daidaiton tsarin biyu ba, kuma yawan mahalarta bai kai a yanke wannan hukunci ba. Mun ƙara tazarar tabbaci a jadawali na 2. Mun cire jimlar da ke cewa tsarin biyu daidai suke daga taƙaitaccen bayani da kammalawa. Sabuwar jimlar, a shafi na 14, layi na 2 zuwa 6, tana cewa jijjiga ba ta yi yawa ba a rukunonin biyu, amma wannan bincike ba zai iya kore ƙarin haɗari a gajeren tsari ba, kuma ana buƙatar babban gwaji na asibitoci da yawa. Mun kuma cire shawarar sauya tsarin magani." Na san wannan yana da ɗaci ga wadda ta kwashe shekara tana kwana a ɗakin haihuwa tana tattara bayanai. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Maƙalar tana nan da ranta, tana da bayani mai amfani kan zafin allura da yawan matan da suka ƙi ƙarasa ta, kuma wanda zai tsara babban gwajin gobe zai nemi alƙalumanta.

A daidai wannan gaɓa akwai wata dabara da shaiɗan kan raɗa wa mai bincike. Tunda jijjiga ba ta ba da sakamako mai armashi ba, me zai hana a mayar da zafin allura ya zama babban abin da aka auna, tunda a nan bambancin ya fito sarai? Kada ku yi. Tun 2005 kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ya shardanta a yi wa gwaji rajista kafin a ɗauki mara lafiya na farko, kuma yawancinku a PACTR kuke yi, rajistar gwaje-gwajen Afirka da ke Afirka ta Kudu. Abin da kuka rubuta a can a matsayin babban ma'auni yana nan kowa na iya buɗewa, kuma mai bita mai hankali yakan buɗe. Haka nan idan shi da kansa ya nemi ku ware, misali, masu cikin fari ku duba su daban, ku yi masa, amma ku rubuta a maƙalar cewa wannan lissafi bayan an ga sakamako aka yi shi, bisa buƙatar mai bita, ba ya cikin tsarin farko.

Ba kowace magana ake karɓa ba, kuma wanda ya ce "mun gyara" ga duk abin da aka faɗa masa ya nuna bai san bincikensa ba. Mai bita na biyu, a misalinmu, ya ce ya kamata a kawo ma'aunin maganesiyam a jinin kowace mace. Mai yiwuwa a inda yake aiki wannan abu ne na yau da kullum. Amsar ba ita ce a yi masa huɗuba kan talaucin asibitocinmu ba, ba kuma a yi shiru a tsallake ba. A ce masa: "Mun fahimci amfanin wannan ma'auni. Ba mu auna ba, domin ba ya cikin tsarin binciken da kwamitin ɗa'a ya amince da shi, kuma ba mu ajiye jini ba balle a auna yanzu. Mun sa ido kan alamun yawan magani a jiki ta hanyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa: kafin kowace allura ana duba zaburar gwiwa, da numfashi kada ya gaza 16 a minti, da fitsari kada ya gaza mililita 30 a awa, kuma akwai kalsiyam gulukonet a ajiye. Mun ƙara wannan bayani a shafi na 6, layi na 10 zuwa 16, mun kuma ambaci rashin ma'aunin jini cikin gazawar binciken a shafi na 13." Kun ga an ƙi, amma an ba da dalili, kuma duk da haka an canja wani abu a maƙalar. Ƙin da ba ya tare da ko ƙaramin canji yakan tsaya wa mai bita a rai.

Akwai kuma lokacin da mai bita ne bai karanta da kyau ba. Ya ce ba a faɗi yadda aka ɓoye rabon ƙuri'a ba, alhali yana shafi na 5. Hannu zai yi ƙaiƙayin rubuta "kamar yadda muka bayyana ƙarara". Ku goge wannan. Idan ƙwararren da aka ba aikin karantawa bai gani ba, mai karatu na gobe ma zai iya wucewa. Ku ce bayanin yana shafi na 5 amma ya nutse cikin dogon sakin layi, yanzu an ba shi ƙaramin kai nasa, an kuma fayyace cewa ambulan ne masu kauri da ba a ganin cikinsu, a liƙe, masu lamba a jere, kuma wanda ya shirya su ba ya cikin masu ɗaukar marasa lafiya. Sai dai fa ku rubuta haka ne kawai idan haka aka yi. Idan jeren sunaye ne aka bi, wannan ta shiga nan waccan ta shiga can, to ba ƙuri'a ba ce, kuma dole kalmar ta fita daga maƙalar har da kanta.

Wani lokaci masu bitar biyu kan saɓa wa juna, ɗaya ya ce a faɗaɗa tattaunawa, ɗaya ya ce a rage ta. Ku zaɓi wanda ya fi dacewa da iyakar kalmomin mujallar, ku gaya wa kowannensu abin da ɗayan ya nema, ku kuma ja hankalin edita a saman wasiƙa, tunda shi ne alƙali. Haka idan wani ya jero maƙaloli biyar na mutum ɗaya ya ce a ambace su. Ku karanta su, ku sa wadda ta shafi batun, sauran ku ce kun duba ba su shafi tambayar binciken ba.

Game da godiya, mu Hausawa ba a koya mana ita, amma a wannan wasiƙa yawanta illa ne. Godiya ɗaya a farko ta isa, sai kuma a inda mai bita ya gano abin da ya gyara aikin da gaske, kamar matar nan ta awa 15. Idan kowace amsa cikin talatin ta fara da yabon basirar mai bita, har da inda ya nuna waƙafi ya ɓace, yabon ya zama surutu. Ga ƙananan gyare-gyare, "an gyara, shafi na 3, layi na 8" ya wadatar.

Kafin ku tura, akwai aikin da gajiya kan sa a tsallake. Lamba ɗaya da ta canja tana da gidaje da yawa: taƙaitaccen bayani, jadawali, cikin rubutu, zane, da tattaunawa. Idan jadawali ya ce 3 cikin 100 amma taƙaitaccen bayani yana nan da 2 cikin 97, mai bita zai ɗauka gyaran na baki ne. Lambobin shafi da layi kuma a ƙarshe ake cike su, bayan an gama taɓa maƙalar, domin kowane ƙarin jimla yana tura layuka gaba. Ku aika kwafi biyu idan mujallar ta nema, ɗaya mai nuna canje-canje ta Track Changes, ɗaya tsaftatacce. Duk wanda sunansa ke kan maƙalar, har da babban likitan da ya duba aikin, sai ya ga wasiƙar da sabon rubutun ya amince, musamman da yake kammalawar ta canja. Idan kuma kun ga komawa ɗakin fayil zai ci fiye da wa'adin da aka ba ku, ku rubuta wa edita tun da sauran mako guda ku nemi ƙarin lokaci, ku faɗi aikin da kuke yi. Editoci sukan bayar. Abin da ba sa so shi ne wa'adi ya wuce ba su ji daga gare ku ba.